Kwalba ta Uku a Sati Guda

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau yana kan maganin tari mai ɗauke da kodin, da abin da ya kamata mai kantin magani ya yi idan fuska ɗaya ta riƙa dawo masa neman kwalba.

Tun ranar 1 ga Mayun 2018 gwamnatin tarayya, ta bakin ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi ƙasar nan, bayan wani binciken BBC ya tona yadda ake karkatar da shi kasuwar bayan fage. Saboda haka duk kwalbar da aka zaro maka daga ƙarƙashin kanta a yau, a Sakkwato ko a Illela, ka san ba ta biyo ƙofar gaskiya ba, kuma babu mai tabbatar maka abin da ke cikinta. Amma doka ta hana kwalba ne, ba ta warkar da wanda jikinsa ya saba ba. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka fitar a 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 2.4 suna shan maganin tari ba don tari ba, kuma mata ba su gaza maza ba a wannan fanni. Mutanen nan suna nan cikinmu, kuma kantin magani ne wurin da suka fi zuwa.

Kodin ɗan gidan su mofin ne, wato maganin nan mai ƙarfi na kashe zafin ciwo. Idan ya shiga jiki, hanta tana mayar da wani kaso nasa mofin, shi ne ke danne tari, ya kashe zafin ciwo, ya kawo wannan lumshewar da ake bi. Mu ɗauki kwalba mai mililita 100, wadda kowane ƙaramin cokali na mililita 5 yake da miligiram 10. Cokali ashirin ke nan, miligiram 200. Ko babban mutum mai fama da ciwo, likita ba ya wuce masa miligiram 240 a yini guda, shi ma a rarrabe. To, yaron da ya juye kwalba cikin lemun kwalba ya shanye a zama ɗaya ya kusa cinye kason yini cikin 'yan mintoci. Kuma hantar mutane ba ɗaya ba ce. Akwai waɗanda tasu ke gaggawar mayar da shi mofin, abin da abokinsu ya sha ya tashi lafiya su ya tsayar musu da numfashi. Wannan ne ya sa ba a ba yaro ƙasa da shekara 12, ba a kuma ba mai shayarwa, don yana bin nono.

Yanzu ga misali. Lokacin hunturu ne, kowa na tari, wani yaro ya shigo kanti ranar Litinin ya ce wata Hajiya ce ta aiko shi maganin tari, har da sunan wanda ake so. Ranar Laraba ya dawo. Ranar Juma'a ga shi kuma, kuɗin a ƙirge daidai, an kuma ja masa kunne kada ya karɓi wani iri. Mai tari na gaskiya yakan bayyana tarinsa, busasshe ne ko mai majina, kuma idan aka ba shi wani maganin yakan karɓa. Wanda jikinsa ya saba kuwa suna yake kira, ba ya son tambaya, kullum da sabon dalili: waccan ta zube, wannan ta maƙwabciya ce. Tun bayan haramcin ma da yawa sun koma kan magungunan tari masu sa barci da ba su da kodin, ko tiramadol, ko ƙwayar kodin da takardar likita ta bogi. Don haka maimaita sayen shi ne abin lura, ko da babu kodin a kan kanta.

Masanin magunguna da ya san aikinsa ba zai miƙa ta uku ba. Zai ce wa yaron, "Ka gaida Hajiya, ka ce tarin da ya ci kwalba biyu bai tafi ba yana son a duba shi, ta zo ko ta kira ni." Wannan ba dabarar korar mutum ba ce kawai, gaskiya ce ta likitanci. Tarin da ya kai sati biyu, musamman da rama ko gumin dare, ana aika mai shi gwajin tarin fuka, wanda ake yi kyauta a cibiyoyin gwamnati. Sannan ya sanar da duk yaran kantin, na safe da na dare, domin mai nema ya san lokacin da maigida ba ya nan. Idan takardar likita aka kawo ta magani mai kodin, a duba kwanan wata da sa hannu, a kira asibitin idan an yi shakka, a rubuta a littafin magunguna masu haɗari, a kuma yi wa takardar alamar an bayar don kada ta zagaya wani kanti. Mai ƙaramin kemis na unguwa kuwa, lasisinsa daga PCN, hukumar da ke kula da masu sayar da magani, bai ba shi izinin ajiye irin waɗannan ba ko kaɗan.

Inda na fi son mu tsaya shi ne ranar da Hajiyar ta zo da kanta. A nan ake yawan ɓata lamari. Wasu sukan ɗaga murya gaban jama'a, "Mu ba ma sayar wa 'yan maye!" Ta fita da kunya, ta nufi mai sayarwa a ɓoye, an rasa ta ke nan. Abin da ya dace a ja ta gefe, a sassauta murya: "Hajiya, idan kika kwana ba ki sha ba, yaya kike ji?" Idan ta ce hamma, hawaye da majina, ciwon gaɓoɓi, murɗar ciki da gudawa, barci ya ƙaurace, to ba tari ke damunta ba, jiki ne ke neman abin da ya saba. Yawancin masu wannan hali sun ɗauka ciwo ne ke dawowa, kuma maganin ne ke kwantar da shi. Jin cewa abin yana da suna, kuma mafi tsananinsa yakan lafa cikin kamar sati guda, yana ba mutum ƙarfin gwiwa. Daga nan sai a tura ta inda za a janye ta a hankali ƙarƙashin kulawar likita, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Na san sunan Kware yana firgita mutane, shi ya sa sai an bayyana mata cewa zuwa can ba ya nufin hauka.

Wannan hanya tana da iyaka. Kantuna ba su da littafi na bai ɗaya, wanda aka hana a nan yana iya tsallaka titi. Abin da ya rage shi ne masu kantunan unguwa su riƙa sanar da juna salon da suke gani ba tare da tallata sunan kowa ba, wanda kuma ya san inda ake sayarwa a ɓoye ya kai rahoto ga NDLEA ko NAFDAC.

Ku kuma iyaye da mazaje, idan kun tarar da mutum ya yi barcin da ba ya tasuwa, numfashinsa a hankali ko da minshari mai nauyi, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, leɓɓansa sun sauya launi, kada ku ce a bari ya sake shi. Kada a ɗura masa madara ko manja, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, a faɗa wa ma'aikata abin da ya sha ba ɓoye-ɓoye, domin akwai allurar naloksan da ke karya ƙarfin kodin idan an kai shi da wuri.