Gwada tsarin jigila da hanyar MODI: me alkaluman gurabe ke faɗa?

MODI dabarar lissafi ce ta gano ko akwai tsarin kai kaya da ya fi wanda ke hannu araha. Ga teburinmu a kan allo, kowane gurbi a cikinsa hanya ce daga sito ɗaya zuwa kasuwa ɗaya. Buhun masara 60 a sito na Garwa, 40 a na Marwa. Kasuwar Gidar na son 30, ta Mokolo 45, ta Kusiri 25. Kuɗin ɗaukar buhu ɗaya zuwa Gidar, Mokolo da Kusiri bi da bi, a misalinmu: daga Garwa sefa 400, 900, 1500, daga Marwa 500, 300, 1100.

Tsarin farko ya ce Garwa ta kai 30 Gidar, 30 Mokolo. Marwa ta kai 15 Mokolo, 25 Kusiri. Jimilla sefa 71,000. To, akwai wanda ya fi shi araha?

Kafin komai, a ƙirga guraben da ke da kaya. Dole su kai m + n − 1, wato sito biyu da kasuwa uku a cire ɗaya, huɗu ke nan. Da uku ne, lissafin zai cije a tsakiya, sai an saka sifili a wani gurbi an ɗauke shi kamar mai kaya.

Kowane sito a ba shi lamba u, kowace kasuwa lamba v, yadda a gurbi mai kaya u + v zai yi daidai da kuɗinsa. A sa u na Garwa sifili. Nan take v na Gidar 400, na Mokolo 900. Marwa zuwa Mokolo 300 ne, don haka u na Marwa −600. Daga nan v na Kusiri 1700.

Yanzu guraben da ba kowa. Alkalamin gyara shi ne c − u − v, inda c shi ne kuɗin gurbin. Marwa zuwa Gidar ya ba da 700: duk buhun da aka bi da shi nan ƙarin 700 ne, a bar shi. A kula, cire −600 ƙarawa ne. Nan ɗalibai suka fi zamewa. Garwa zuwa Kusiri kuwa −200.

Wannan ragin shi ake nema. Ma'anarsa kowane buhu zai rage 200 daga jimilla, ko da yake 1500 ne mafi tsada a teburin. Ido kaɗai ba zai nuna maka ba. Dalili: in Garwa ta ɗauke wa Marwa nauyin Kusiri, Marwa ta samu sararin cika Mokolo a 300 maimakon 900.

Buhu nawa za a matsar? A zagaya: ƙari a Garwa–Kusiri, ragi a Marwa–Kusiri, ƙari a Marwa–Mokolo, ragi a Garwa–Mokolo. Guraben ragi na da 25 da 30, sai a ɗauki ƙaramin. Buhu 25 sau 200, an tsira da 5,000, jimilla ta dawo 66,000.

A sake lissafin u da v daga farko, tsofaffin sun tashi aiki. Alkaluman yanzu 700 da 200, babu na ƙasa da sifili, tsarin ya kai maƙura. Da sifili ya fito, to akwai wani tsari dabam mai kuɗi ɗaya. In kuma littafinku u + v − c yake rubutawa, alamun juyewa suke yi: mai ƙari ake farauta.