Magini ya ce kaya sun yi tsada, yana neman ƙarin wata uku: yadda ake karanta takardarsa

Assalamu alaikum, masu kallo. Ga takarda a gabanmu, magini ne ya aiko wa mai gini. Ya ce farashin rodi ya tashi, saboda haka aikin ba zai kammala ranar 30 ga Yuni ba kamar yadda aka yi yarjejeniya, yana neman a mayar da wa'adin 30 ga Satumba. Wata uku cif.

Wanda aka aiko wa irin wannan takarda, ko dai ya fusata ya ce yaudara ce, ko tausayi ya kama shi ya sa hannu, tunda kowa ya san kaya sun yi tsada. Ni dai ina ganin duka biyun gaggawa ce. Takardar ta haɗa magana biyu, ta kuɗi da ta lokaci, kuma sai an raba su kafin a ba da amsa.

Tsada ita kaɗai ba ta tsayar da aiki. Rodi ya ƙara kuɗi, amma yana nan a kasuwa, wanda ya biya zai ɗauka yau. To me ya hana aiki tafiya? Wannan ita ce tambayar da takardar za ta amsa. Wataƙila dilan da aka yi ciniki da shi ne ya ƙi kawowa a tsohon farashi. Wataƙila kayan ne suka yi ƙaranci, har da kuɗinka ba ka samu. Wataƙila kuma kuɗin ne ya ƙare a hannun magini. Kowanne da hukuncinsa.

Sai a ɗauko yarjejeniya. Idan an rubuta cewa farashin kwangila a daddale yake, ba ƙari ba ragi, to a mafi yawan lokuta hawa da saukar kasuwa a wuyan magini suke, domin da saninsa ya sa hannu. Idan kuwa akwai sharaɗin daidaita farashi, to yana da damar neman cikon kuɗi bisa lissafin da aka rubuta a ciki. Amma ku lura, cikon kuɗi ne sharaɗin ya ba shi, bai ba shi ƙarin kwanaki ba. Ƙarin kwanaki yana da nasa sashe daban, mai jerin dalilan da aka yarda da su, kamar canjin zane daga mai gini ko jinkirin da shi mai ginin ya jawo.

Akwai kuma maganar yaushe aka aiko sanarwar. A tsarin yarjejeniyar FIDIC, wadda ake amfani da ita a manyan ayyuka a ƙasashe da yawa, ɗan kwangila yana da kwana 28 daga ranar da ya san matsalar, ko ranar da ya kamata a ce ya sani, ya ba da sanarwa a rubuce. Idan ya wuce, haƙƙinsa na neman ƙari zai iya faɗuwa. Ƙananan ayyuka ba lallai su bi wannan tsari ba, amma hikimar ɗaya ce. Sanarwar da ta zo da wuri tana ba mai gini damar yin wani abu. Wadda ta zo saura mako biyu a miƙa makulli, labari kawai ta kawo.

Yanzu mu ɗauki misali, mu bi shi daki-daki.

Ginin bene ne hawa ɗaya. Jadawali ya nuna rodin dakin, wato shimfiɗar kankaren da za a ɗora hawan sama a kanta, zai iso ranar 3 ga Maris. Kafintoci sun gama kafa katako, sun tokare shi da sanduna ta ƙasa, masu ɗaurin rodi sun zo da wayarsu suna jira. Sai farashi ya tashi da kashi 30 cikin ɗari, dila ya ce ba zai kawo ba sai an yi masa ciko. Aka yi ta ja-in-ja, rodi bai iso ba sai 24 ga Maris. Kwana 21 ke nan.

Wannan jinkiri na gaske ne, don komai yana bayan dakin. Ba a zuba kankare sai an ɗaure rodi. Ba a ɗora bulon sama sai dakin ya yi ƙwari. Ba rufi sai bango ya tashi, ba shafe sai an rufe. Kuma kankare ba ya jin lallashi: a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, wanda ya cire tokare tun bai kama ba don ya rama lokaci, tsagewa zai gani. Saboda haka kwana ɗaya da aka rasa a nan, kwana ɗaya ne aka rasa a ƙarshen aiki.

Mu ce masu ɗaurin rodi sun gaji da zama sun tafi wani aiki, sai da aka yi mako guda kafin a dawo da su. Kwana 21 da kwana 7, sun zama 28. A ɗora su a kan 30 ga Yuni, a sauka a 28 ga Yuli. To ina aka samo 30 ga Satumba? Sauran wata biyun nan su ne magini zai yi wa bayani.

Zai iya cewa ai tayil da fenti ma sun tashi. Gaskiya ne, amma a watan Maris ba wanda ke jiran tayil. Abin da bai tare hanyar aiki ba, ba ya ƙara ko kwana ɗaya.

Haka ma wajen kuɗi. Jin kashi 30 yana tayar da hankali, amma idan rodi shi ne kashi 10 na kuɗin aikin gaba ɗaya, ƙarin da ya jawo kashi 3 ne kacal. Idan ma an riga an sayi rabinsa kafin tashin, ya koma ɗaya da rabi. Shi ya sa ake neman rasit na da da na yanzu, kowanne da kwanan wata.

Ga wani wuri da nake so ku buɗe ido sosai. Idan mai gini ya ba da kuɗin kafin alƙalami tun watan Janairu musamman don a sayi rodi, magini kuma bai saya ba har farashi ya tashi, to ba kasuwa ce ta jawo jinkirin ba. Kwanan watan da ke kan rasit zai nuna. In kuwa mai gini ne ya riƙe kuɗin da ya kamata ya biya, to shi ma da hannunsa a ciki, kuma adalci ne ya ɗauki rabonsa.

Ku maginai, sanarwar da za a karɓa da mutunci ita ce wadda ta ambaci sashen yarjejeniyar da ta dogara da shi, ta faɗi wane kaya ne da ranar da matsalar ta fara, ta nuna aikin da ya tsaya, sannan ta faɗi abin da aka yi don rage asara: an nemi wani dila, an karkatar da leburori zuwa aikin ƙasa. A haɗa da sabon jadawali, kowane mataki da ranarsa.

Kai kuma mai gini, kada ka yi shiru, kada kuma ka amsa da baki kawai. Rubuta cewa ka karɓi sanarwa, ka nemi hujjoji, ka ba injiniyanka ko mai zanenka ya duba lissafin kwanakin. Idan kun daidaita a kan 28 ga Yuli, a rubuta ƙarin yarjejeniya: ga sabuwar rana, ga matsayar kuɗi ko da ciko ko babu, kuma tarar jinkiri, in akwai ta a yarjejeniya, za ta fara aiki daga 29 ga Yuli. Ku biyun ku sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.