Kaya sun ƙare, kuɗi kuma babu: ina jarin ya shiga?

Tambaya ɗaya ce ke ta yawo tun makon jiya, daga bakin masu albashi da suka fara ɗan kasuwanci a gefe: "Na sayar da kayana kaf, amma da na tashi komawa kasuwa sai da na taɓa albashina. Ina kuɗin suka tafi?" Wasu har sun fara zargin sammu. Ba sammu ba ne, lissafi ne, yanzu za mu yi shi tare.

Kafin nan, abu biyu a gurguje. Idan ma'aikacin gwamnati ne kai na cikakken lokaci a Najeriya, kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar, ya hana ka gudanar da kasuwanci na ƙashin kanka, noma kawai ya ware. Na san ofisoshi cike suke da masu sayar da turare da takalma, amma doka tana nan, kuma ranar da wani ya so ganin bayanka da ita zai fara. Idan kuma kamfani kake wa aiki ko makarantar kuɗi, ɗauko takardar ɗaukarka aiki ka sake karantawa. Kada ka sayar da irin abin da wurin aikinka ke sayarwa, kada ka yi ciniki a lokacin da ake biyanka albashinsa. Shi ke nan, mu wuce.

Mu leƙa Kantin Kwari, a Kano. A ce wata baiwar Allah malama ce a wata makarantar kuɗi, ta shigo ranar Asabar da safe. Ta sari atamfa turmi 20, kowane a kan naira 9,000, kuɗi ya kama 180,000. Adaidaita sahu zuwa da dawowa, ɗan dako, leda, da datar da za ta ɗora hotuna, sun ci 8,000. Ke nan ta kashe 188,000, kuma kowane turmi ya tsaya mata a 9,400, ba 9,000 ba. Da yawa tun a nan suke fara yaudarar kansu, amma ba wannan ne babban ramin ba.

Ta sa kuɗi 11,000. Ribar turmi 1,600, ta turmi 20 kuwa 32,000. Cikin mako biyu kaya suka ƙare. Masha Allah.

To, ku tsaya da ni a nan, kada a yi gaba.

Su wa suka saya? Mutum 8 'yan unguwa da 'yan'uwa, sun biya lakadan, 88,000. Sauran turmi 12 a ɗakin malamai suka tafi, da jumlar nan da kowa ya sani: "Ki ba ni, in an yi albashi." Wata ya ƙare, an yi albashi. Mutum 7 sun cika alkawari, 77,000. Mutum 3 sun ba da rabi rabi, 16,500, da haƙuri mai yawa. Mutum 2 kuwa ko gaisuwa sun rage.

Ku duba lissafin. Abin da ke hannunta 181,500. Abin da ta kashe 188,000. Littafinta na cewa ta ci ribar 32,000, jakarta na cewa ko uwar kuɗin ba ta dawo ba. Duka biyun gaskiya suke faɗa. Akwai 38,500 a aljihun mutane, wato ribarta gaba ɗaya da 6,500 na jari.

Ta koma Kwari, mai shago ya ce Hajiya kaya sun tashi, yau 9,500. Turmi 20 da kuɗin hanya sun zama 198,000. Saura 16,500 ta cike. Daga ina? Daga albashi, mana. Tana cewa aro ne, za ta mayar. A zagaye na biyu haka za ta sake faruwa, domin masu saye su ne dai, halinsu kuma bai sauya ba. Zuwa wata na huɗu kasuwancin da aka buɗe don ya tallafi albashi ya koma ɗan goyo, albashin ke shayar da shi.

Ga inda abin ke taɓa aikin kansa. Ɗaya daga cikin biyun nan da ba su biya ba ita ce mataimakiyar shugabar makaranta, wadda ke tsara jadawalin darasi, wadda ke sa hannu in kina neman izinin zuwa asibiti. Yaya za ki bi ta bashi? In kin yi shiru kuɗinki sun tafi, in kin yi magana kin sayi gaba da wadda ke rubuta rahoto a kanki. Ɗayar kuma kullum kuna zaune teburi ɗaya. Ni a ganina mutane sun fi tsoron kada kasuwanci ya ci musu lokacin aiki, alhali abin da ya fi ɓata wa mutum wurin aiki shi ne ya zama mai bin abokan aikinsa bashi.

Ba cewa nake kada a ba da bashi sam ba. Wanda ya ce haka bai taɓa sayar wa mai albashi kaya ranar 12 ga wata ba. A sa masa iyaka ne, kuma iyakar ita ce riba. Duk bashin da ke waje kada ya wuce ribar zagayen. A lissafin malamar nan riba 32,000 ce, wato turmi biyu, in an matsa uku. Na huɗu ya zo, a ce masa sai wancan ya biya.

Akwai hanyar da na fi so. Mai saye ya ba da kafin alƙalami daidai abin da turmin ya tsaya miki, 9,400, sauran 1,600 ya kawo ƙarshen wata. In ya gudu, da riba ya gudu, jari na gida. Za su ce kin cika tsauri. Eh, za su ce. Wanda bai da 9,400 yau, ki ajiye masa turmin da sunansa a jikin leda, ya riƙa kawowa kaɗan kaɗan, ranar da ya cika ya ɗauka. Sannan duk wanda ba za ki iya kallon idonsa ki ce "kuɗina fa?" ba, ko na sama da ke ne ko wanda ke ƙarƙashinki, ba ya shiga littafin bashi. Ya biya lakadan, ko ki yi masa kyauta ki san kyauta kika yi.

Sauran duk masu sauƙi ne. Asusu na daban, ko OPay ko Moniepoint ko banki, wanda albashi ba ya shiga. Layin waya na daban da WhatsApp Business, a sa masa saƙon da ke amsa wa mutane cewa sai bayan la'asar. Kai kaya ranar Asabar, ko a ba wani ƙane ya kai a biya shi, a kuma rubuta kuɗin cikin abin da aka kashe.

Gwajin kuwa ranar komawa sari ake yin sa. Buɗe asusun kasuwancin shi kaɗai. In abin da ke ciki zai sayo turmi 20 a farashin yau, madalla. In turmi 18 zai sayo, kamar na malamar nan, to 18 ɗin za a saro, katin albashi kuma a bar shi a gida.