Bayan an tashi daga intabiyu: saƙon da za ka aika wa Farfesa

Jama'a, assalamu alaikum. Mu ɗora daga inda muka tsaya. Ka zauna gaban Farfesa, an yi maka tambayoyi kan aikin mataimakin mai bincike, ka fito. To sai me?

Kada kwana ɗaya ya wuce ba ka aika masa da imel ba. Dalili kuwa, wataƙila mutum shida ko bakwai ya gani a ranar, kuma bayan kwana uku fuskokinku sun gauraye a kansa. A kan saƙon ka rubuta abin da zai gane da kallo ɗaya, kamar `Research Assistant interview: follow-up`, tunda yawanci da Turanci ake wannan mu'amala a jami'o'inmu.

Abin da ya fi damuna shi ne cikin saƙon. Ɗalibai kan cika shi da "a taimaka mini, ranka ya daɗe". Ladabi wajibi ne, amma Farfesa ba mabuƙaci yake nema ba, yana neman wanda zai danƙa wa bayanansa ya yi barci da ido biyu rufe. Saƙon nan shi ne aikinka na farko da zai gani.

Ga misali. A ce aikin tattara bayanai ne gida-gida da KoboToolbox, manhajar cike fom a waya, ya tambaye ki, ke 'yar'uwa, me za ki yi idan kin tarar an bar gurbin shekaru fayau a fom da yawa, sai kika daburce. A saƙon, bayan gaisuwa da godiya, ki koma kan tambayar. Ki ce kin sake tunani: za ki fara duba ko daga hannun mai tattara bayanai ɗaya giɓin ya fito, domin idan haka ne matsalar horo ce, sannan za ki mai da tambayar ta zama dole a fom, tare da zaɓin "bai sani ba", don kada a riƙa cike gurbin da ƙage. Jimla uku sun isa. Idan kin yi alkawarin turo samfurin rubutunki, ki maƙala shi, ki buɗe ki tabbatar shi ne kafin ki aika.

Sai batun shiru. Sau da yawa ba ƙi ba ne. Kuɗin binciken ne ba a sake su ba, ko daga TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ko daga wata hukumar waje, ko kuma kwamitin ɗa'ar bincike bai ba da izini ba tukuna, kuma kafin waɗannan Farfesa ba ya iya ɗaukar kowa. Idan ya ce mako biyu, ka bari su cika, ka ƙara kwana biyu ko uku, sannan ka yi tuni sau ɗaya a ƙarƙashin saƙon farko, domin ya ga zancen a wuri guda.

Don Allah kada ka kira wayarsa da dare, kada kuma ka tura kawunka kamun ƙafa. Mai bincike da ya ga haka zai fara tambayar kansa ko za ka iya riƙe sirrin mutanen da za ka shiga gidajensu.

Akwai mai tambaya a baya can, a miƙa masa makirufo.