Baƙin da Ba Baƙi Ba: Lacca kan Yanke Gefunan Tsohon Bidiyo

Jama'a, assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To, madalla.

Duk wanda ya taɓa juye tsohon kaset na shirin talbijin zuwa kwamfuta ya ga abin da zan yi magana a kai. Ka buɗe fayil, ka ga hoton a tsakiya, baƙi ya kewaye shi: siriri a dama da hagu, wani lokaci kauri sama da ƙasa. Ana son manhaja ta gano baƙin nan da kanta ta yanke. Tana iyawa, amma sai ka san yadda take lissafi, in ba haka ba ta yanke maka kan mai karanta labarai.

Mu fara da inda baƙin ya fito. Talbijin ɗinmu na da a Najeriya tsarin PAL ne, a Nijar SECAM, dukansu layi 625 ne, hoto 25 a daƙiƙa. In aka juye shi, fayil yana fitowa 720 a faɗi, 576 a tsayi. Sai dai ainihin hoton bai cika 720 ɗin ba. Kowane layi yana ɗauke da hoto na tsawon kashi 52 cikin miliyan na daƙiƙa, na'urar juyewa kuma tana ɗiba sau miliyan 13.5 a daƙiƙa. Ku ninka, za ku samu ɗigo 702. Ragowar 18 ɗin su ne siririn baƙin gefe, wajen takwas ko tara kowane ɓangare. Akwatin talbijin na da yana ɓoye su a bayan bakinsa, shi ya sa iyayenmu ba su taɓa ganinsu ba. Na sama da ƙasa kuwa daban ne: shiri ne mai faɗin 16:9 aka cusa a allon 4:3, hoton ya ci layi 432, aka bar 72 sama, 72 ƙasa.

Kayan aikin da na fi amfani da shi shi ne `cropdetect` na cikin manhajar sarrafa bidiyo ta `ffmpeg`. Ga shi a allo:

```
ffmpeg -ss 600 -i kaset.mkv -t 120 -vf cropdetect=limit=24:round=2:reset=0 -f null -
```

Na tsallake minti goma na farko, na ce ya duba minti biyu. Abin da yake yi ba wani sihiri ba ne. Yana farawa daga layin sama, ya tara hasken duk ɗigon da ke layin, ya raba da yawansu. In abin da ya fito bai wuce `limit` ba, ya ce wannan baƙi ne, ya sauko layi na gaba. Da zarar ya ci karo da layin da ya wuce, ya tsaya, ya ce hoto ya fara. Haka zai yi daga ƙasa, daga dama, daga hagu. Me ya sa 24? A bidiyo, ma'aunin haske daga 0 zuwa 255 ne, amma baƙi na zaune a 16, fari a 235. An ɗora takwas a kan 16 ne don a bar wa ɗan tsaki-tsaki wuri.

Ku riƙe wannan da kyau: manhajar ba ta san baƙi ba, lamba ta sani.

Kwanaki aka kawo mini wani kaset na VHS da aka naɗa daga talbijin, shiri mai baƙi sama da ƙasa wanda ko makaho zai shafa ya ji. Na saka umarnin nan, ya amsa mini da `crop=704:576:8:0`. Wato ya ga na gefe, bai ga na sama da ƙasa ba sam. Kafin in zarge shi, sai na gutsuro yanki daga cikin baƙin na auna:

```
ffmpeg -ss 600 -i kaset.mkv -t 10 -vf "crop=300:40:100:20,signalstats,metadata=print:key=lavfi.signalstats.YAVG" -f null -
```

Lambar tana yawo a wajen 29. Kaset ne da aka kwafa daga wani kaset, baƙin ya koɗe ya zama toka mai duhu. Ido ya yafe masa, lissafi bai yafe ba. Na ɗaga `limit` zuwa 34, biyar sama da abin da na auna. Kada ku ce bari in zuba 60 in huta. Duk yadda ka ɗaga, haka yake ƙara ɗaukar hoto mai duhu a matsayin baƙi, ka wayi gari ya cinye bangon ɗaki da hular mai magana.

Da 34 sai ya ba ni `crop=704:484:8:20`. Ƙasa ta yi daidai, sama ta tsaya a layi na 20 maimakon 72. Me ke layi na 20? Tambarin tashar, fari fat, zaune cikin baƙin. Faɗinsa kamar ɗigo 60. Ku yi lissafin da ni: 235 a cire 29 saura 206, sau 60, a raba da 720, ya ba ka wajen 17. Ɗora a kan 29, layin ya zama 46, ya haye 34. Ɗan tambarin nan shi kaɗai ya riƙe layi 52. A nan na daina jayayya da manhaja. Ƙasa ta nuna mini 72, lissafin 16:9 ma 72 ya ce, sai na rubuta da hannuna.

Wani daga cikin mahalarta ya tambaya: "Malam, to in rubutun fassara ne a cikin baƙin ƙasa fa?"

Yawwa. Wannan shi ne hatsarin gaske. Gajeren rubutu ba lallai ya ɗaga layin sama da `limit` ba, ko kuma minti biyun da ka duba babu mai magana a ciki. Manhaja ta yanke, fassara ta tafi, ba ka sani ba sai mai aiki ya kira ka. Shi ya sa nake barin `reset=0`, don ya riƙa tuna mafi girman hoton da ya gani tun farko, kada wurin da aka ɗauka da dare ya yaudare shi. Kuma ina dubawa a wuri uku ko huɗu cikin kaset ɗin. In amsoshin suka bambanta, akwai dalili: talla ce mai cika allo ta shigo tsakiya, ko rubutu. Je ka gani da idonka.

Sai `round`. In ba ka faɗa masa ba, 16 yake ɗauka, wato faɗi da tsayi dole 16 ta raba su. Hoto mai 702 sai ya koma 688, ka yi asarar ɗigo 14 na hoton gaske a banza. Ni 2 nake sawa wajen aunawa, in gyara lambar da kaina daga baya.

Gyaran kuwa yana da doka. Hoton tsohon talbijin saƙa ce ta zubi biyu: layi na ɗaya, na uku, na biyar zubi guda, na biyu, na huɗu, na shida wani zubin, tsakaninsu kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa. Ka yanke layi 71 daga sama maimakon 72, zubin sama ya koma na ƙasa, na'ura ta nuna na baya kafin na gaba. Alamarsa, duk abin da ya motsa sai ya riƙa karkarwa kamar mai jin sanyi. In tsarin launin fayil ɗinka 4:2:0 ne kuma saƙar na nan, to abin da za ka yanke sama da tsayin da zai rage, huɗu ta raba su, don launi ma layi bibbiyu yake tafiya a kowane zubi. 72 da 432 duk sun cika sharaɗin.

Ga abin da na ƙare da shi:

```
ffmpeg -i kaset.mkv -vf "crop=704:432:8:72,setsar=12/11" -c:v ffv1 -c:a copy yankakke.mkv
```

Wannan `setsar` ɗin saboda ɗigon PAL ba murabba'i ba ne, faɗinsa ya ɗan fi tsayinsa. 704 sau 12 a raba da 11 ya ba da 768, kuma 768 a kan 432 shi ne 16:9 cif. In kun ga fuskoki sun yi tsawo kamar an ja su, nan za ku fara dubawa. Fayil ɗin asali kuma ban taɓa shi ba, yana nan da tambarinsa, don wata rana tambarin ne zai nuna daga wace tasha aka naɗo shirin.

An kira salla. In mun dawo, kowa ya buɗe fayil ɗin da ya zo da shi, mu fara da auna baƙinsa.