Landan Ba Ta Sayar Da Sarƙar Lefe

"Na ga farashin zinare na duniya a waya, na je kasuwa a Kaduna aka faɗa mini wani daban. Ba cuta ba ce wannan?" In ji wata mai sauraro.

Hajiya, ba lallai cuta ba ce, kuma na gaji da jin ana kiran kowane mai shagon gwal ɓarawo saboda lambar da aka gani a waya. Lambar nan farashin Landan ce, da dala, a kan oza ɗaya, wato giram 31.1, na sandar zinare tatacce da ke ajiye a can. Kafin ya iso hannunki sai ya ƙetare iyaka, iyaka kuwa ba a ƙetare ta kyauta.

Mu ƙaddara oza tana dala 3,110. Giram ɗaya ya kama dala 100 ke nan. In dala tana naira 1,500, giram na tatacce ya zama 150,000. Sarƙarki karat 21 ce, kashi 87.5 cikin ɗari ne zinare a jikinta, saboda haka 131,250. To amma ɗan kasuwar da ya saro ta daga Dubai, idan a 1,600 ya samu dalarsa wajen 'yan canji, giram ɗin nan ya koma 140,000 alhali Landan ba ta motsa ko anini ba. Ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa na kwastam ba, balle ladan maƙeri.

Wai ai zinare ɗaya ne ko'ina, dole farashi ya zama ɗaya. Haba jama'a! Da zai zama ɗaya in da kowa na iya saye inda yake da araha ya kai inda yake da tsada babu mai tare shi. Akwai masu tarewa. Indiya ta kai harajin shigo da zinare kashi 15 a 2022, farashin cikin gida ya haye na duniya, fasa-ƙwauri ya samu kasuwa, sai a Yulin 2024 ta sauke shi zuwa kashi 6. A Sin sai da izinin babban banki ake shigo da shi. Da aka matse izinin a 2023, oza a Shanghai ta fi ta Landan tsada da sama da dala 100.

Iyakar nan dai ita ke kayar da farashi ƙasa. Mai haƙo zinare a dajin Birnin Gwari ba ya samun kuɗin Landan, ko kusa. Nasa ɗanye ne, ba shi da takardar shaidar asali, dillali kuma zai cire kuɗin tacewa da na haɗarin hanya kafin ya taya. A nan ne nake shakkar ko duk abin da ake cirewa halas ne, domin wanda mai saye ɗaya tak ke gabansa ba ciniki yake yi ba.

Saboda haka Hajiya, in kin koma shagon, a auna a gabanki, ki tambayi karat nawa ne, a wane canjin dala aka lissafa, nawa ne ladan ƙira. Ladan ƙirar nan ba za a mayar miki da shi ba ranar da za ki sayar.