Gyaran takardar neman aikin da aka rubuta a dunƙule

Mu ɗauki misalin wata takardar neman aiki. Wata mai shaidar NCE ce ke neman aikin koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Kano. Jimla goma sha ɗaya ta zubo a dunƙule, babu sakin layi ko ɗaya. Ta fara da gaisuwa, ta shiga labarin halin da gida ke ciki, sai a jimla ta bakwai ta ambaci aikin da take so. Shugaban makarantar da takardu suka taru a gabansa da wuya ya kai can.

Ba sai mun sake rubutu daga farko ba. Za mu ɗauki biro mu sa wa kowace jimla lamba, gwargwadon tambayar da take amsawa, kowace lamba kuma ta zama sakin layi guda.

Lamba ɗaya: wane aiki ake nema, kuma ina aka ga tallarsa? Jimla ta bakwai ke nan, ita za ta koma sama. Jimla biyu sun ishi wannan sakin layi.

Lamba biyu ita ce cibiyar takardar: me ta iya, kuma mece ce shaida? A nan ta rubuta cewa tana da ƙwazo da haƙuri. To, wa zai ce ba shi da su? Amma can ƙasa, kusa da ƙarshe, ta ce ta yi shekara biyu tana koyar da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, tana shirya su jarrabawar BECE, kuma ta yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai. Wannan ne abin da ake nema, shi za a jawo gaba, a goge ƙwazo da haƙurin. Kada kuma a kwafo duk abin da ke cikin CV, ai tare za a miƙa su.

Sakin layi na uku ya faɗi dalilin zaɓen wannan makaranta. Ga gwaji: idan za a iya canza sunan makarantar a aika wa wata ba tare da taɓa komai ba, sakin layin bai yi aikinsa ba. Na huɗu ya lissafa takardun da aka haɗa, ya nuna a shirye take a kira ta ganawa.

Jimla uku sun rage babu lamba, duk na roƙo ne, irin su "a taimaka mini saboda Allah". A cire su. Roƙo ba ya nuna iya aiki.

Saura tsarin wasiƙa. Adireshinta da kwanan wata a sama ta dama, na shugaban makaranta a hagu, a yi amfani da muƙaminsa. Da yake da Turanci ake rubutawa, in an buɗe da "Dear Sir" ko "Dear Madam", sai kanun da ya ambaci aikin ya biyo, a rufe da "Yours faithfully". Sa hannu ya zo kafin cikakken suna, kuma duka kada ya wuce shafi ɗaya.